Abin da ake rubutawa a jonal ɗin tiredin don ya yi amfani

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na kusa shekara ina tiredin ɗin fores da ɗan ƙaramin akawun, yawanci EUR/USD da zinare. Kowa cewa yake a riƙa rubuta jonal, ni ma na sayi littafi na fara, ina sa kwanan wata da abin da na samu ko na rasa. Bayan wata biyu na duba ban ga abin da ya ƙara mini ba, sai na ajiye. Don Allah yaya ake rubuta shi, kuma me zan sa a ciki da zai sa in gyara?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Littafin naka bai ƙara maka komai ba ne saboda ka kwafi abin da manhaja ta riga ta ajiye maka. Buɗe `History` a MetaTrader, manhajar da ake yin cinikin a cikinta, za ka tarar da kwanan wata, farashin shiga, farashin fita, girman lot wato yawan abin da ka saya ko ka sayar, riba ko asara, duk a jere, kuma babu kuskuren biro a ciki. Idan wannan kaɗai ake nema, ba sai ka sayi littafi ba.

Abin da manhaja ba ta sani ba shi ne abin da ke cikin kanka lokacin da ka danna. Ba ta san me ka gani ba, ba ta san inda ka yi niyyar fita ba, ba ta san ko abin da ka aikata daga baya ya dace da niyyar ba. Kai ma kanka bayan kwana uku ba za ka iya tuna shi daidai ba, domin zuciya takan gyara labari ya zo daidai da sakamako. Idan aka ci riba sai ka tuna cewa dama ka hango, idan aka faɗi sai ka tuna cewa dama jikinka bai ba ka ba. Aikin jonal ke nan, ya kama niyyarka tun kafin sakamako ya fito, sannan ya ajiye ta gefe da abin da ka aikata, don a gwada. Saboda haka rabin da ya fi muhimmanci a cikinsa kafin shiga ake rubuta shi.

Abin da ake rubutawa kafin a danna

Na farko shi ne sunan salon da ka shiga da shi. Ina nufin suna gajere wanda ba ya canzawa, kamar "dawowa kan layin da aka fasa" ko "fasa iyakar safiya". Kowane salo sai ka rubuta sharuɗɗansa sau ɗaya a shafin farko na littafin, layi uku ko huɗu, yadda idan ka ba wani zai iya duba cat, wato zanen motsin farashi, ya ce maka sharaɗi ya cika ko bai cika ba. Salo biyu ko uku sun ishe ka. Na sha karɓar littattafan ɗalibai in ga a gurbin dalili an rubuta "kasuwa za ta tashi" ko "na ga dama". Wannan fata ne kawai, ba a iya tara shi a lissafa. Idan kuma siginal ɗin wani ka bi daga Telegram, ka rubuta "siginal" tsakani da Allah, ka sa na wane gida ne. Bayan wata uku wannan layin zai gaya maka ko kuɗin da kake biyansu suna dawowa.

Na biyu shi ne farashin sitof los na asali, wanda ka sa tun farko, wato inda ciniki zai rufe da kansa don tsayar da asara. Wannan ne layin da aka fi yi wa sakaci, kuma rashinsa ke kashe sauran lissafin. Idan ka matsar da sitof yayin da ciniki ke tafiya, abin da ka fi gani a gurbin `S/L` bayan an rufe shi ne na ƙarshe. Wanda ya sa sitof a fif 25, fif kuwa shi ne ɗan ma'aunin motsin farashi, ya ga farashi ya matso ya ja shi zuwa 60, tarihin manhaja ba zai tona masa asiri kai tsaye ba. Littafi ne zai yi.

Na uku, nawa ka yarda ka rasa a wannan cinikin, da dala. Na huɗu, inda za ka ɗauki riba, da kuma abin da idan ya faru za ka fita tun kafin a kai can. Sai hoton cat ɗin a daidai lokacin shiga, da layukanka a kai. Duka wannan ba ya wuce minti biyu. Idan ka ji ba ka da minti biyun saboda farashi zai gudu ya bar ka, to ka rubuta hakan ma, domin cinikin da aka shiga da gudu aji ne mai zaman kansa, kuma za ka so ka san abin da ajin yake jawo maka.

Ka daina auna kanka da dala

Dala tana ruɗar mutum. Ribar dala 10 a cinikin da ka yi kasadar dala 5 aiki ne mai kyau. Ribar dala 10 a cinikin da ka yi kasadar dala 50 ganganci ne da aka tsira daga gare shi. A littafinka na da, su biyun iri ɗaya za su fito. Shi ya sa masu wannan harka suke auna kowane ciniki da kuɗin kasadarsa, su kira shi R. Idan ka yi kasadar dala 5, to R ɗaya dala 5 ce. Ka ci dala 10, ka ci 2R. Sitof ya kama ka yadda ka tsara, ka rasa 1R. Ka rasa dala 9 a inda ka tsara rasa 5, an rubuta maka asarar 1.8R, kuma tambaya ta taso nan take: me ya faru?

Amsar wannan tambaya yawanci ba ta wuce uku. Ko dai ka ja sitof baya, ko ka ƙara wani ciniki a kan wanda ke faɗuwa, ko kuma farashi ya tsallake sitof ɗin lokacin fitar labari ko buɗewar kasuwa bayan hutun mako. Biyun farko naka ne, na ukun na kasuwa ne, kuma maganinsu ya bambanta. Duk asarar da ta wuce 1R a littafi ta cancanci jimla ɗaya ta bayani.

Ribar da za ka raba da R ita ce ta bayan an cire komai, wato kamasho da kuɗin kwana idan akawun ɗinka na da su. Ga mai shiga da fita cikin mintuna, wanda sitof ɗinsa fif biyar ne ko shida, tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa kaɗai tana iya cin kashi mai tsoka na kowane R, kuma ba zai gane ba sai ya ga an jera.

Ciniki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki misali da akawun mai dala 500, wanda mai shi ya tsara kasadar kashi ɗaya cikin ɗari a kowane ciniki, dala 5 ke nan. Ranar Talata da ƙarfe goma na safe ya ga EUR/USD ya fasa wani layi ya dawo ya taɓa shi, sharuɗɗan salonsa sun cika. Zai saya a 1.0850, sitof a 1.0825, riba a 1.0900. Tazarar sitof fif 25 ce. A wannan kuɗin, lot 0.01 yana motsa santi 10 a kowane fif, don haka lot 0.02 yana motsa santi 20, kuma fif 25 sau santi 20 dala 5 ce cif. Ya rubuta duka wannan, ya ƙara da cewa ba zai fita da hannu ba sai idan kyandir ɗin awa ɗaya ya rufe ƙasa da layin. Ya ɗauki hoto, ya danna.

Farashi ya ɗan sauka zuwa 1.0841, ya juyo ya hau har 1.0871, sannan ya fara komowa. Mutumin namu yana kallon waya, ya ga ribar dala huɗu da ɗoriya ta fara narkewa, sai ya rufe a 1.0862. Ya ci fif 12, dala 2 da santi 40, kusan rabin R. Da yamma farashi ya kai 1.0900.

A littafi irin naka na da, abin da zai shiga shi ne "Talata, riba $2.40", da alamar murna. A littafin da nake faɗa maka, layin zai nuna cewa an tsara 2R, an samu 0.5R, kyandir bai rufe ƙasa da layi ba, mai ciniki ne ya fita da hannunsa ba bisa sharaɗi ba. Ciniki ne mai riba, amma an saɓa tsari. Kuma ka lura, ko da farashin bai kai 1.0900 ba, ko da ya juya ya bugi sitof bayan fitarsa, hukuncin bai canza ba. An dai saɓa tsari, sa'a ce kawai ta rufa asiri a ranar.

Nan ne muka zo kan layin da na fi ba wa daraja a dukan littafin. Layi ne mai amsa ɗaya tak, e ko a'a: na bi tsarina? Babu "kusan", babu "da ɗan gyara". Idan ka shiga ba tare da sharaɗi ya cika ba, a'a. Idan ka ja sitof baya, a'a. Idan lot ya wuce lissafi, a'a. Idan ka fita kafin lokaci, a'a. Kusa da shi sai ka sa kalma ɗaya ta irin saɓawar, daga jerin da ka tsayar wanda ba ya canzawa: gaggawar shiga, jan sitof, saurin fita, ƙarin lot, ramuwa. Dalilin tsayar da kalmomin shi ne a iya ƙirga su. Idan yau ka rubuta "tsoro", gobe "na firgita", jibi "ban iya haƙuri ba", abu ɗaya ka yi sau uku amma lissafi zai ga abubuwa uku.

Abin da wannan layin ke fitarwa bayan ciniki arba'in

Mu ci gaba da mutumin nan, mu ce ya tara ciniki 40. Ya ci 18, ya faɗi 22, jimilla yana ƙasa da 1.9R, kusan dala 9 da rabi. Idan da jimillar kaɗai yake kallo, abin da zai yanke shi ne salon nan ba ya aiki, ya koma YouTube neman wani. Haka mutane ke shekara suna sauya salo kamar riga.

To amma ya raba su gida biyu. Waɗanda ya bi tsari 28 ne. A ciki ya ci 13, kowanne a matsakaici 1.8R, ya tashi da 23.4R. Ya faɗi 15, kowanne 1R. Ragowar riba 8.4R. Idan ka raba wannan da 28, kowane cinikin da aka yi bisa tsari yana kawo 0.3R a matsakaici, duk da cewa faɗuwa ta fi ci yawa. Waɗanda ya saɓa tsari kuwa 12 ne. Ya ci 5, amma ƙananan riba, 0.6R kowanne, saboda saurin fita. Ya faɗi 7, kowanne 1.9R, saboda jan sitof da ƙarin lot. Wannan gidan ya cinye 10.3R.

Yanzu matsalar ta sami suna da adireshi. Ciniki goma sha biyu ne suka haɗiye abin da ashirin da takwas suka tara, har suka taɓa uwar kuɗi. Idan ya duba kalmomin saɓawar ya ga biyar daga cikin manyan asarori bakwai "ramuwa" ce, to ya san takamaiman abin da zai hana kansa.

Zai kuma iya fitowa akasin haka, kuma dole in faɗa maka. Wani zai raba ya tarar cinikin da ya bi tsari ɗari bisa ɗari su ma asara suke tarawa. Wannan labari ne mai ɗaci amma mai amfani, domin yana nufin ba halinsa ne matsalar ba, salon ne ba shi da rinjaye a kasuwa, kuma ƙara haƙuri da nutsuwa ba zai gyara shi ba. Masu sayar da kwas sun fi son su ce wa kowa matsalarsa ta zuciya ce, saboda hakan yana wanke kwas ɗin. Littafi ne ke raba gardama.

Idan a Google Sheets ko Excel kake rubutu, lissafin ba wahala. Mu ce kuɗin kasada yana layin G, sakamako da dala yana H, R yana I, amsar bin tsari tana J:

```
=H2/G2
=SUMIF(J:J,"e",I:I)
=AVERAGEIF(J:J,"e",I:I)
```

Na farko yana ba ka R na kowane ciniki, na biyu jimillar R na waɗanda ka bi tsari, na uku matsakaicinsu. Ka sauya "e" da "a'a" ka ga ɗaya gidan. Haka za ka yi da sunan salo, da EUR/USD da zinare kowanne daban. Kada ka haɗa waɗannan biyun a buhu ɗaya, domin zinare yana da zafin motsi, kuma sau da yawa mutum yana cin riba a ɗaya yana zubarwa a ɗayan bai sani ba.

Lambobi biyu da ke gyara sitof da wurin ɗaukar riba

Bayan ka rufe ciniki, koma kan cat ka rubuta lambobi biyu. Ɗaya, iyakar inda farashi ya yi gaba da kai ta ɓangaren asara kafin ka fita. Biyu, iyakar inda ya kai ta ɓangaren riba. A misalinmu na sama, ya sauka fif 9 ƙasa da shiga, ya hau fif 21 sama da ita yayin da cinikin ke buɗe. Ni ina ƙara na uku ga wanda ke fama da saurin fita: da na bar shi, me ya fara taɓawa, sitof ko wurin riba?

Amfanin waɗannan ba ya fitowa sai sun taru. Idan ka duba cinikin da ka ci gaba ɗaya ka ga kusan babu wanda ya taɓa sauka fiye da fif 12 kafin ya tashi, alhali sitof ɗinka kullum yana fif 25, wataƙila kana ba da fili fiye da yadda ake buƙata. Idan kuwa ka ga yawancin waɗanda sitof ya kama sun wuce shi da fif biyu ko uku ne kawai sannan suka tafi inda ka nufa, to sitof ɗin ya matse, ko kana dasa shi daidai inda kowa ke dasa nasa. Haka ta ɓangaren riba. Wanda yake sa burin 3R kullum, amma littafi ya nuna mafi yawan cinikinsa suna kai 1.5R su juyo, ya san burin ya fi ƙarfin salon.

Sai dai a yi hattara a nan. Abu ne mai sauƙi mutum ya zauna da ciniki ashirin ya yi ta daidaita lambobi har ya samo sitof da burin da suka fi dacewa da su, ya ɗauka ya gano sirri. Abin da ya samo ɗinki ne da aka yi wa ranakun da suka wuce. Idan lambobin sun nuna maka wani gyara, ka gwada shi a kan cinikin da ke tafe, ka rubuta ranar da ka fara, kada ka koma baya kana lissafin "da na yi kaza".

Lokaci, da agogon da ba naka ba

Ka rubuta lokacin shiga da agogon da ke hannunka. Agogon da ke cikin MetaTrader na sabar dillali ne, kuma dillalai da yawa suna saita ta gaba da agogon Najeriya da Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyin Turai, da awa biyu a lokacin zafinsu. Mu ba ma canza agogo, su suna canzawa sau biyu a shekara, don haka buɗewar Landan takan faɗo ƙarfe tara na safe a wajenmu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, ta koma ƙarfe takwas a sauran watannin. Wanda bai kula da wannan ba zai tara bayanan wata shida ya ce "ƙarfe tara ce lokacina", alhali ya cakuɗa yanayi biyu daban.

Ka kuma sa alama idan akwai babban labari a kusa. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda za ka gani a kalanda da sunan `NFP`, yawanci ranar Juma'ar farko ta wata yake fita, da ƙarfe ɗaya da rabi na rana agogonmu a lokacin zafinsu, biyu da rabi a lokacin sanyi. Ka ga ya faɗo daidai lokacin da mutane ke masallaci ko suna dawowa. Cinikin da aka bari a buɗe aka tafi Juma'a, aka dawo aka tarar farashi ya tsallake sitof, ya kamata ya sami alamarsa daban, don kada a ɗora wa salo laifin da ba nasa ba. Haka idan intanet ta yanke ko caji ya ƙare ana tsakiyar ciniki.

Maganar rubuta yadda kake ji, wadda ake yawan kwaɗaitarwa, ni ban ba ta fili da yawa ba. Shafi guda na "yau raina ya ɓaci" yana sanyaya zuciya amma ba ya shiga lissafi. Na fi son abubuwan da ake iya tabbatarwa: wannan ciniki na nawa ne a yau, wanda ya gabace shi riba ne ko asara, kuma minti nawa ne tsakaninsu. Mutum zai iya musun cewa yana ramuwa, amma idan littafi ya nuna ya sake shiga minti huɗu bayan asara da lot ninki biyu, magana ta ƙare. Idan akwai wani matsi na waje, kamar kuɗin haya ya matso ko kuɗin da kake juyawa na wani ne, kalma ɗaya ta isa.

Zama da littafin

Rubutu ba tare da dubawa ba shi ne ya sa mutane da yawa suke ajiye jonal kamar yadda ka yi. Kasuwar fores tana rufe daga daren Juma'a zuwa daren Lahadi, sai ka ware awa ɗaya a ciki. A zaman mako ba salo ake yi wa hukunci ba, domin ciniki biyar ko takwas ba su isa su ce komai a kansa ba. Abin da ake dubawa shi ne "a'a" nawa aka samu, wace kalma ce ta fi maimaituwa, sannan a buɗe hotunan shiga a tambayi kai: da ban san ƙarshensa ba, zan sake ɗaukar wannan? Daga nan ka fitar da doka ɗaya ta mako mai zuwa, wadda za a iya cewa an bi ko ba a bi ba. "Zan ƙara haƙuri" ba doka ba ce. "Bayan asara biyu a rana na rufe manhaja" doka ce. Ɗaya kawai, domin idan ka canza abu uku lokaci guda sakamako ya sauya, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Hukunci a kan salo kuwa sai ciniki sun taru, kuma ko arba'in ɗin da na yi misali da su alama ce kawai. Ciniki biyu manya suna iya juya lissafin arba'in gaba ɗaya. Gwaji mai sauƙi shi ne ka cire mafi girman riba biyu ka sake lissafi. Idan ribar ta ɓace, to ba ka tabbatar da komai ba tukuna. Haka kuma ga wanda ke cin kashi 45 cikin ɗari, faɗuwa biyar ko shida a jere cikin ciniki ɗari abu ne da lissafi yake tsammani, ba alamar salo ya mutu ba. Wanda ke da tsohon littafi zai iya komawa ya ga ya taɓa wuce irinta.

Kada kuma ka ɗora wa jonal abin da ba zai iya ba. Ba ya ƙirƙirar riba inda babu ita. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na akawun ɗin ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, shi ya sa dillalan da ke ƙarƙashin dokar can suke rubuta nasu kason a shafinsu. Idan ka bi tsari ciniki ɗari, littafi ya nuna ƙasa kake yi, to abin da yake gaya maka shi ne ka koma akawun ɗin gwaji ko ka rage kasada sosai, kuma wannan ma aikinsa ne ya yi.

Game da takarda ko kwamfuta, ni abin da nake yi shi ne rubutun kafin shiga da biro a ɗan littafi kusa da ni, saboda abin da aka rubuta da biro ba a gyara shi a ɓoye, sannan da dare in shigar da lambobin a Google Sheets tare da hotunan. Wanda waya kaɗai gare shi zai iya tura wa kansa saƙo da hoton cat a WhatsApp kafin ya danna, saƙon yana ɗauke da lokacinsa. Akwai manhajojin jonal na kuɗi da ke jawo tarihin ciniki da kansu, suna rage wahalar kwafi, amma dalilin shiga da amsar bin tsari kai ne dai za ka cike.

Abu na ƙarshe da za ka riƙa yi kowace Asabar kafin komai: ƙirga cinikin da ke `History` na makon, ka ƙirga layukan littafinka. Idan manhaja ta ce goma sha ɗaya littafi ya ce takwas, ka nemo ukun nan ka shigar da su da "a'a" a gabansu, domin kusan kullum su ne waɗanda aka yi cikin fushi da tsakar dare, kuma idan babu su duk lissafin da muka yi a sama zai nuna maka riba alhali akawun yana raguwa.